Jan bakin da ke zama kamar toka a leɓe

"Don Allah 'yan uwa ku taimaka, ni baƙa ce kuma leɓena masu kauri ne, na sama ya fi na ƙasa duhu. Duk jan baki mai haske da na shafa sai ya koma kamar na lashi toka. Wace kala zan saya?"

'Yar uwa kafin ki sake kashe kuɗi ki nemo fensirin leɓe tukuna, wallahi ni ma leɓena haka suke kuma na daɗe ina zubar da jan baki kafin na gane. Waɗannan masu hasken akwai farin launi da yawa a cikinsu, shi ya sa idan suka hau leɓe mai duhu kai tsaye suke komawa fari-fari. Fensirin ne yake haɗa kalar da fatarki.

Ki samu ruwan ƙasa mai duhu, wanda ya ɗara fatar fuskarki duhu kaɗan, irin kalar cakulet. Don Allah ban da baƙin gazal ɗin ido, na san da yawa muna yi amma da jan bakin ya goge wurin cin abinci sai a bar ki da baƙin zobe zagaye da baki.

Yadda nake yi, ina fara shafa man kaɗanya in bar shi kamar minti 5 sannan in goge tas, don in akwai maiƙo fensir zamewa yake, in kuma leɓe ya tsage irin na hunturu kalar taruwa take a cikin tsagar. Tunda naki masu kauri ne kar ki fita waje da layin, ki bi daidai bakin leɓen, ki fara daga tsakiyar na sama ki gangara gefe da ɗan gajeren zane, ba ja ɗaya ba. Fita waje na masu siririn leɓe ne, su ma a tsakiya kawai. Sai ki cike kusurwoyi biyun da fensirin, ki sa yatsa ki murza layin zuwa ciki har ya daina zama layi, nan ne mutane suke gaggawa kuma nan ne duk aikin yake. Leɓen ƙasa da ya fi haske ki ɗan goga masa fensirin sama-sama ya matso kusa da na sama, sannan ki ɗiga mai hasken a tsakiya kaɗai ki haɗa leɓe sau biyu.

Maganar kala kuwa, marun da kalar zoɓo da ja mai duhu suna zama a baƙar fata ko babu dabara. Ruwan hoda mai haske na bar wa farare da wankan tarwaɗa. In za ki saya ki ɗiga a kan tsokar yatsa ba bayan hannu ba, ki fito hasken rana ki duba, fitilar shago tana ruɗi. Wanda kike da shi kar ki yar, gwada shi da fensirin yau.