Kanun shafuka iri ɗaya a shagon intanet

Tambaya: "Ina sayar da atamfa da shadda a Gusau, kayana sun haura dubu uku a shagona na WooCommerce. An ce min kanun shafukan duk iri ɗaya ne, shi ya sa ba a ganina a Google. Sai na rubuta su ɗaya bayan ɗaya?"

Hajiya, ba sai kin bi su ɗaya-ɗaya ba. Na daɗe ina wannan aiki, kuma kusan kullum matsalar tana cikin bayanan kayan ne. Idan sunan da aka ba turmi ɗari biyu shi ne "Atamfa mai kyau", duk tsarin da aka ɗora a kai abu ɗaya zai fitar sau ɗari biyu.

Ki fara fitar da kayan zuwa fayil ɗin CSV, wato jadawalin kayan, ki buɗe a Google Sheets. A sabon jadawali, kowace siffa ta samu layinta na tsaye: nau'i a B, launi a C, zane a D, yadi a E, lambar kaya a F. Abin da kike gaya wa mai saye in ta tsaya gaban kanta, shi za ki rubuta. A G sai ki haɗa su:

```
=TEXTJOIN(" ",TRUE,B2:E2)
```

Zai ba ki "Shadda gezna ruwan toka mai ganye yadi 5". Amfanin TRUE ɗin nan shi ne tsallake gurbin da ba a cike ba. Amma fa nan haɗarin yake: shadda talatin da aka manta launinsu da zanensu duk za su koma "Shadda gezna yadi 5". Don haka kafin ki ɗora komai, ki sa wannan a H:

```
=COUNTIF(G:G,G2)
```

Duk inda ya wuce 1, akwai maimaici. Ki cike gurbin da ya rage. In kuwa turame biyu sun yi daidai a komai, sannan ne za ki liƙa lambar kaya a ƙarshe. Ban so a fara da lambar, domin babu mai neman "SH-0412" a Google.

Siffar da ta bambanta kayan ta zo a gaba, sunan shago a ƙarshe, saboda Google kan datse kanu in ya wuce haruffa kusan sittin. Bayanin ƙasan kanu kuma ya tsaya wajen haruffa 155, kuma ki yi wa atamfa jimlarta, shadda tata, leshi tasa.

Zane ɗaya mai launi takwas kuwa, gara ya zama shafi ɗaya da ake zaɓar launi a ciki. Bayan 'yan makonni ki duba Search Console, inda Google ke nuna yadda yake ganin shafukanki; in shafukan da ya lissafa a matsayin "Duplicate", wato maimaici, suna raguwa, gyaran ya kama.