Re: Rahoton bitar darasina na tifi, an dawo mini da shi sau biyu

"Don Allah ku taimaka. An ce mu rubuta bitar darasi ɗaya na tifi, wato koyarwar gwaji da muke yi a makarantu, bisa matakan Gibbs. Sau biyu ana dawo mini da nawa, wai labari kawai na bayar. Ina nake kuskure?"

Wayyo 'yar'uwa, kamar ni kika kwatanta. Nawa ma sai a karo na uku ya wuce.

Ni aji huɗu aka ba ni a wata firamare can wajen Mabera, yara 68, lissafi, tara ɓangarori, minti 35. Watan Afrilu ne, kin san zafin Sakkwato, ga fanka ba wuta. Na cika allo, na ce kun gane? Suka ce eh Malama. Na ba su 1/2 + 1/4, kusan kowa ya rubuta 2/6. Malamin da ya zo duba ni ya taso daga baya, ya amshe allin daga hannuna a gaban yara, ya ce haka aka koya miki? Wallahi har yau ina jin dariyar wata yarinya da ke benci na gaba. Bai jira an tashi ba, bai kira ni gefe ba. Cikin Keke Napep na yi ta kuka har Arkilla. Allah ya isa dai ban ce ba, amma na daɗe ban yafe ba.

To kin ga abin da na rubuto miki yanzu? Irinsa na kai a karon farko, na cakuɗa abin da ya faru da ɓacin raina, kuma duk shafin a kan mutumin nan ya ƙare.

Matakan da Graham Gibbs ya fitar a 1988 shida ne, amma matsalarmu ba haddace su ba ce, raba su ne. A matakin bayani ki rubuta abin da wanda ya leƙo ta taga zai iya gani kawai. Nawa ya koma haka: na ci minti 15 ina rubutu a allo, na yi misali biyu, na ba da tambaya uku, yara 9 ne suka ci ta farko. Babu "darasin bai yi kyau ba" a nan, wannan hukunci ne, wurinsa matakin auna abin da ya yi da wanda bai yi ba.

Matakin yadda kika ji kuwa, kada ki rubuta "na ji daɗi" don ki wuce. Ni na rubuta cewa tsoron mai dubawa ya sa nake kallonsa maimakon yara, shi ya sa na yi ta sauri. Sai da na rubuta wannan na gane ashe tsoron ma yana cikin dalilan.

Inda aka fi kayar da mu shi ne nazari. Duk jimlar da ba ta amsa "me ya sa" ba, labari ce har yanzu. Na kwashi littattafan yaran na zauna da su bayan isha'i. Ashe ba shirme suka yi ba, sun tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, yadda suka saba da lambobi. Kuma ba wanda ya lura 2/6 bai ma kai rabin da aka fara da shi ba. Ma'ana ba su san 1/2 daidai yake da 2/4 ba, ni kuma na ɗauka sun zo da shi daga aji uku, ban gwada ba. Wannan "eh Malama" ladabi ne kawai, kada ki ƙara yarda da ita.

Af, ki riƙa rubuta abin da ya faru ranar da ya faru, ko a bayan lesin not ne. Bayan mako ɗaya zuciya ta riga ta gyara labarin.

A tsarin abin da za ki yi gaba, kada ki ce "zan ƙara ƙoƙari", da wannan aka dawo mini da nawa karo na biyu. Na sa cewa minti 5 na farko kowane benci zai naɗe takarda gida biyu, sannan gida huɗu, su gani da idonsu rabi kwata biyu ne. Kafin in ba da aiki zan yi tambaya ɗaya, kowa ya ɗaga amsarsa a takarda, in waɗanda suka ci ba su kai rabin aji ba, ba zan wuce ba. Ranar Talata na yi hakan, 41 suka ci. Shi malamin bai sake zuwa ba balle ya gani.

Ki turo mini sakin layinki na nazari in duba miki, na tabbata can matsalar take.