Rubuta "8k" ba ya ƙara wa hoto fiksel ko ɗaya

"Jama'a, kullum ina saka `ultra detailed, 8k, high resolution` a umarnina na Stable Diffusion, amma da na kai hoton wurin masu buga takarda sai ya fito dishi-dishi. Kalmomin nan suna aiki kuwa?"

Malam, ni ma na yi wata da watanni ina jera su kafin na gane inda matsalar take. Girman hoto yana cikin `Width` da `Height` ne kawai. In ka bar su a 512 da 768, abin da za ka samu ke nan, ko sau goma ka rubuta `8k`. Kalmomin suna karkata hoton ne zuwa kamannin hotunan da aka yi wa irin wannan laƙabi lokacin horar da samfurin, wato AI ɗin da ke zana hoton: kaifin gefe, ƙyalli, launi mai ƙarfi. A waya sai ka ga kamar ya fi kyau. Ka gwada da kanka: ka tsayar da `Seed` ɗaya, wato lambar da ake fara zana hoton daga ita, ka fitar da hoto da su, ka sake ba tare da su ba, ka zuƙo ido ko yatsu. Inda na ga suna tasiri sosai shi ne samfuran zanen katun na Japan, domin da laƙabai irin `masterpiece` aka horar da yawancinsu.

Takardar A4 a 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci, tana buƙatar fiksel 2480 da 3508. Faɗin 512 kuwa santimita huɗu da 'yan kai ne. Kada kuma ka ce bari ka ɗaga `Width` kai tsaye a Stable Diffusion 1.5, don a kan 512 aka horar da shi, sai ya ba ka mutum mai kai biyu.

Ga yadda na yi wa wani hoton dattijo cikin babbar riga da na yi don bangon littafi. Na fitar da shi a 512 da 768, na kunna `Hires. fix` a AUTOMATIC1111, manhajar da nake sarrafa Stable Diffusion da ita, na sa `Upscale by` a 2, na zaɓi `R-ESRGAN 4x+` a matsayin `Upscaler`, wato hanyar girmama hoton. A nan samfurin yake sake zana hoton a 1024 da 1536, shi ya sa aikin wuyan rigar ya fito zare-zare. `Denoising strength`, wato yawan canjin da samfurin zai yi wa hoton, shi ne wurin lura. Da na sa 0.7, fuskar ta koma ta wani mutum daban, har yatsa ya ƙaru. A 0.35 ta tsaya yadda take. In `Latent` ka zaɓa a `Upscaler`, ƙasa da 0.5 hoton zai dusashe.

Daga nan na kai shi shafin `Extras` na manhajar, na ninka sau 3, ya zama 3072 da 4608, ya wuce abin da A4 ke so. Wannan mataki ba ya gyara kuskure, girmama shi yake yi, don haka ka gyara hannu da ido tukuna. Ka kuma duba fata: in ta yi sulɓi kamar roba, ka sauya `Upscaler` ko ka rage ninkin.