Kilomita goma a gudun 4:45: minti nawa ke nan?

"Koci, ɗan tserenmu yana cin kowace kilomita a 4:45. Na buga 4.45 sau goma a waya, ta ba ni 44.5, na ce masa minti 44 da rabi zai yi. Sai ga shi ya gama a 47:30. Ina kuskuren yake?"

Yaron bai yi laifi ba, ɗana, lissafinka ne ya zame. Waya tana ƙirga abin da ke bayan ɗigo bisa ɗari, shi kuwa minti sakan sittin ne. Wannan 45 ɗin sakan ne, wato kashi uku cikin huɗu na minti, don haka in waya za ka ba, 4.75 za ka buga.

Amma na fi son ka iya shi da ka. Raba minti da sakan. Minti 4 sau goma, 40. Sakan 45 sau goma, 450. Raba 450 da sittin: minti 7 sun cinye 420, saura sakan 30. Haɗa su, 47:30, daidai abin da agogo ya nuna. Minti uku cur ka zaftare masa, kuma da ya bi maganarka ya nemi 44:30, da tun kafin kilomita bakwai ya sare.

Akwai gajeriyar hanya da za ka riƙe a bakin fili: a tseren kilomita goma, duk sakan shida a kilomita minti ɗaya ne a ƙarshe. Wanda ya sauko daga 4:45 zuwa 4:39 ya koma 46:30.

Kada ka jira ƙarshe kafin ka gane ko yana kan lissafi. A rabin hanya agogo ya nuna 23:45. In a filin wasa na Rwang Pam da ke Jos kuke, zagaye ɗaya a layin ciki mita 400 ne, kilomita goma zagaye 25, kowanne sakan 114, wato 1:54. Tsaya a layin farawa kana faɗa masa lokacin. Ka kuma hana shi zama a layi na biyu, domin can kowane zagaye ya ƙaru da mita bakwai da ɗoriya. A zagaye 25 ya tafka asarar kusan sakan hamsin ba tare da ya rage gudu ba.

A kan titi abu biyu ke ɓata lissafin. Agogon hannu mai GPS yakan nuna fiye da nisan da aka auna, musamman in mutum yana buɗe kwana. In ya nuna 10.15 a ƙarshe, ƙarin mita 150 ɗin sakan 43 ne a wannan gudun. Na biyun hawa ne, wanda Jos ba ta rasa shi: sakan da hawa ya ci, gangara ba ta cika mayar da shi duka ba.

Sannan ka binciki inda 4:45 ɗin ta fito. In daga kilomita ɗaya ce da ya yi da sabon ƙarfi, kada ka ninka ta. Ɗauko matsakaicin gudunsa na kilomita shida ko takwas a jere, shi za ka buga sau goma.