Bashin Mahaifinmu Yana Nan, Yaya Kuma Ya Kashe Kuɗi a Zaman Makoki

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu ya rasu wata biyu da suka wuce. Ya bar mahaifiyarmu da mu 'ya'yansa biyar, maza biyu mata uku, ƙananan biyu, mace da namiji, ba su balaga ba. Iyayensa sun riga shi. Ya bar naira 1,900,000 a banki, da kayan shago na 2,600,000, da fili na 5,500,000. Yayanmu ya cire 700,000 da katin Baba: 60,000 likkafani da kabari da mota, sauran abincin zaman makoki da sadakar uku da ta arba'in. Dilan da yake ba Baba kaya yana bin 2,300,000, 'yan adashi 240,000, Mama ma tana bin 400,000 na sarƙarta da ya sayar. Ya kuma yi wasiyyar 600,000 ga masallacin unguwa. Yaya ya ce a raba gado tukuna, masu bashi a riƙa biyansu daga ribar shago. Wallahi ba na iya barci, ina tsoron halin da Baba yake ciki.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya sa ya huta. Tsoron nan da ya hana ki barci yana da tushe, 'yar'uwa, domin Tirmizi ya ruwaito cewa ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya masa. Amma abin bai ɓaci ba tukuna, tunda ba a raba ba, kuma abin da ya bari ya fi bashin nesa ba kusa ba.

Shawarar yayanku ba ta da wurin zama. A ayoyin gado na Suratun Nisa'i, ta 11 da ta 12, sau huɗu Allah Ya maimaita cewa rabon yana zuwa ne bayan wasiyya ko bashi. Malamanmu na Malikiyya sun jera abin kamar yadda ya zo a Mukhtasar na Khalil: da farko haƙƙin da ya rataya a kan wani kaya takamaimai, kamar gonar da aka ba da jingina, sai kuɗin shirya gawa gwargwadon abin da aka saba, sai bashi, sai wasiyya daga sulusin abin da ya rage, sannan magada. Ku ne na ƙarshe a layi. Ko da a ce dilan ya ba mahaifinku wa'adin shekara guda, wa'adin ya faɗi ranar da ya rasu, domin a mazhabarmu bashin da ake bin mutum yana zama na biya nan take da mutuwarsa. Sai dai in shi mai kuɗin ne ya ce ya yarda ya jira, da bakinsa, ba don an ɗaure shi da kunya ba.

Inda na fi son in tsaya shi ne wannan 700,000 ɗin, saboda kusan duk rabon gadon da aka kira ni a kansa sai na tarar da irinta, an rubuta mata suna mai kyau a takarda: kuɗin jana'iza. Kuɗin jana'izar da shari'a ta gabatar a kan bashi ɗan kaɗan ne, kuma iyakarsa a bayyane take. Likkafani, ruwa da turaren wanka, ladan mai wanka in yana karɓa, ladan masu haƙa kabari, itace ko tukwanen da za a rufe, da motar da za ta kai gawa in maƙabarta da nisa. Da zarar an mayar da ƙasa an watse, wannan babi ya rufu. A lissafinku 60,000 ce kawai ta shiga nan. Buhunan shinkafa, da rago, da hayar rumfa da kujeru, da ruwan leda, da waina ko gumbar da aka raba ranar uku, da ɗan abin da aka saka wa malamai a ambulan ranar arba'in, babu ko ɗaya da yake cikin shirya gawa. An riga an binne mutumin kafin a ɗora tukunyar farko.

Ba zan shiga gardamar ko sadakar uku bidi'a ce ko ba bidi'a ba, wannan ta daɗe tana raba masallatai kuma ba ita aka tambaye ni ba. Mu ɗauka ma kowa ya yarda da ita. Tambayar ita ce, da kuɗin wa aka yi? Mutum yana sadaka da abin da ya mallaka ne. Mamaci ba shi da sauran iko a kan dukiyarsa sai abin da ya yi wasiyya da shi, yayanku kuwa bai mallake ta ba, riƙe katin banki da sanin lambar sirri ba ya mayar da mutum mai dukiya. Wannan 640,000 haƙƙin masu bashi ne da farko, abin da ya saura kuma na magada ne, ciki har da marayu biyu waɗanda ko sun ce sun yafe, yafewarsu ba ta ɗauruwa a shari'a. Mahaifiyarku ma ba ta da ikon yafewa a madadinsu. To ina ladan da ake cewa an aika wa mamaci, alhali an ciyar da 'yan unguwa da kuɗin marayunsa, mai binsa bashi kuma yana zaune a kan tabarmar makokin yana kallo? Aya ta 10 a Suratun Nisa'i dai, wadda take gab da ayoyin gadon, ita ce take cewa masu cin dukiyar marayu da zalunci wuta suke ci a cikinsu.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne masu zuga ne suke jawo wannan. Kawu ya zo ya ce ai Alhaji mutum ne sananne, kada a ji kunya. Gwaggo ta ce gidan wane da aka yi rasuwa sa suka yanka. Wani mai rawani ya zauna ya ce ai duk abin da aka kashe ladan yana isa kabari, ya ci, ya karɓi ambulan, bai taɓa tambaya ko akwai bashi ko akwai maraya ba. Babu ɗayansu da ya sa hannu a aljihunsa. Alhali lokacin da labarin shahadar Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya iso Madina daga yaƙin Mu'uta, shekara ta 8 bayan hijira, Annabi (SAW) cewa ya yi a yi wa iyalan Ja'afar abinci, domin abin da ya shagaltar da su ya same su. Maƙwabta ne suke dafawa su kawo gidan rasuwa. Mu mun juya abin, gidan da aka yi wa rashi shi ne yake ciyar da gari.

Ba na cewa yayanku ɓarawo ne. Galibi irinsa kunya ce da rashin sani suke tura su. Amma rashin sani yana ɗauke zunubi ne, ba ya ɗauke biya. Wanda ya kashe dukiyar da ba tasa ba shi ne zai mayar.

Ga yadda lissafin yake in an bi tsari. Jimillar abin da ya bari naira 10,000,000 ce. A cire 60,000 ta jana'iza. A cire bashi, wato 2,300,000 da 240,000 da 400,000, jimilla 2,940,000. Saura 7,000,000. Wasiyyar masallaci ba ta kai sulusin wannan ba, saboda haka za a fitar da ita cif, saura 6,400,000. Ita za a kasa takwas: mahaifiyarku tumuni, 800,000, kowace mace 800,000, kowane namiji 1,600,000. Wannan 640,000 tana cikin lissafin a matsayin kuɗin da yake hannun yayanku, don haka abin da zai karɓa 960,000 ne. In ke da mahaifiyarku da 'yar'uwarki babba kun ga dama ku taya shi ɗauka, ya halatta, kowacce 80,000 ta faɗo mata. Amma 80,000 ta ƙaramar da 160,000 ta ƙaramin, waɗannan ba mai taɓa su.

Ki lura da kuɗin sarƙar mahaifiyarku. Mutane suna cewa ai matarsa ce, za ta ci gado, me za ta yi da bashi? Bashinta daban, tumuninta daban, tana karɓar 400,000 a sahun masu bashi kafin a zo kan rabo. Haka ma da a ce akwai ragowar sadakinta da bai cika ba. Sai dai ita ma, kamar dilan da 'yan adashin, ana son bashin ya tabbata. In manyan magada sun san da shi kuma akwai shaidu ko littafin shago, a tattara. Da yake akwai marayu a ciki, na fi son ku kai maganar gaban alƙalin kotun shari'a, domin wanda yake bin mamaci bashi, bayan shaidu, alƙali yakan rantsar da shi cewa bai karɓa ba, bai yafe ba, bai kuma mayar da bashin kan wani ba. Mamaci ba zai tashi ya kare kansa ba, rantsuwar ce take tsaya masa. Kotun ce kuma za ta ba ku takardar da banki zai nema, duk da na san za a yi ta ce muku ku dawo gobe. Ku jure, ku ajiye katin nan, kada a ƙara cire ko sisi da shi.

Kuɗin da ya rage a banki 1,200,000 ne, ba zai biya bashin ba, dole a haɗa da kayan shago. A nan ne yayanku zai ce za a kashe shagon Baba. Akwai mafita. Dilan yana iya karɓar wani sashe na kayan a kan farashin da 'yan kasuwa biyu amintattu suka ƙiyasta. Ko kuma yayanku, in shagon yake so, ya je wurin dilan ya ce a mayar da bashin kansa shi kaɗai, dilan ya amince a gaban shaidu, a rubuta cewa ya saki mamaci da sauran magada, sannan a bar masa kaya daidai wannan kuɗin. Wannan daban yake da abin da ake yi a bakin kabari, inda liman zai ce duk mai bin marigayi bashi ya ga wane, wane ya ɗaga hannu ya ce na ɗauka, daga nan shiru. Sahabi Abu Ƙatada ya taɓa ɗaukar wa wani mamaci dinari biyu don Annabi (SAW) ya yi masa salla, kuma Annabi ya ci gaba da tambayarsa labarin dinaren nan, sai ranar da ya ce ya biya sannan Annabi ya ce masa yanzu ne fatar mamacin ta yi sanyi.

Kada ki tunkari yayanku ke kaɗai, kada abin ya zama rigimar wa da ƙanwa. Ki sami mahaifiyarku ta kira wani dattijo daga dangin mahaifinku wanda yayan yake jin nauyinsa, a zauna da littafin shago da takardar banki a cikin makon nan. Ku fara sallamar 'yan adashi, tunda nasu kaɗan ne kuma galibi masu ƙaramin ƙarfi ne, sannan a aika wa dilan ya zo da nasa littafin a gwada da na shago. Wallahu a'alam.