Ya Kira Ni Macuci A Gaban Jama'a: Shin In Tona Bashin Da Nake Bin Sa?

Tambaya: Malam, ina sayar da shadda a Babbar Kasuwar Katsina. Wani da muka daɗe muna ciniki ya sayi yadi goma a naira 60,000, ya ba da 40,000, saura 20,000. Bayan tela ya yanka sai suka ga wani layi da saƙa ta tsallake. Ya zo bakin shagona ana tsakiyar ciniki, ya ɗaga ƙyallen sama yana cewa ni macuci ne, kowa ya yi hattara da ni. Ban tanka ba. Da ya tafi na warware ragowar bandir ɗin, na tarar layin yana nan, amma wallahi ban san da shi ba lokacin da na sayar. Ya ce zai dawo. Wani ya ce in buɗe littafin bashi a gaban mutane in nuna ko kuɗin bai gama biya ba, wai hadisi ya halatta. Ya halatta?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka riƙe harshenka a ranar. Haramcin zagi da falalar haɗiye fushi ka san su, ba sai na maimaita ba. Abin da ya juya hukuncin yana cikin maganarka: ka warware bandir ka ga aibin da idonka. Ashe mutumin nan rabin maganarsa gaskiya ce. Kayan na da aibi, wannan ya faɗi daidai. Cewa da gangan ka cuce shi, nan ne ya wuce gona da iri. Amsarka a gaban jama'a dole ta raba waɗannan biyun, ka karɓi ta farko, ka musanta ta biyu.

Ya halatta ka amsa a bainar jama'a, ni ma abin da nake ba ka shawara ke nan, domin a nan aka jefe ka, kuma amana ita ce jarin ɗan kasuwa. Idan ka ja shi gefe kuka shirya a ɓoye, waɗanda suka ji "macuci" da ita za su koma gida. Amma kafin ka buɗe baki ka san haƙƙin da ke kanka.

Imamu Malik ya yi maganar wannan mas'ala ƙarara a Muwaɗɗa, a babin wanda ya sayi tufa mai aibi. Idan mai sayarwa ya san aibin ya ɓoye, mai saye zai mayar masa ko da ya riga ya yanka, kuma ba ya biyan komai a kan yankan. Idan bai sani ba, kamar yadda ka rantse, zaɓi na hannun mai saye: ko ya riƙe tufar a rage masa kuɗi gwargwadon aibin, ko ya mayar ya biya abin da yankan ya rage mata na daraja. Ka lura, zaɓin nasa ne, kai ba ka da ikon tilasta masa ɗaya.

Ga yadda ake lissafin ragin. A samu mutum biyu masana shadda daga cikin layinku, waɗanda ku duka kuka yarda da su, su yi mata kuɗi lafiyayya, su sake yi mata da aibin. A ce sun ce lafiyayya 50,000, mai aibi 40,000. Aibin ya ci kashi ɗaya cikin biyar ke nan. Sai a cire ɗaya cikin biyar daga kuɗin da kuka yi ciniki a kai, wato 12,000 daga 60,000. Mutane da yawa suna kuskure a nan, su cire 10,000 da ke tsakanin ƙimomin biyu. In ya zaɓi riƙewa, abin da ya rage maka a wurinsa 8,000 ne kawai.

Yanzu ga maganar wanda ya ba ka shawara. Hadisin da yake nufi yana nan, Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah sun ruwaito shi: jan ƙafar mai hali wajen biyan bashi yana halatta mutuncinsa da hukunta shi. Akwai masu ɗaukarsa a sake, su ce duk wanda kake bi bashi an ba ka lasisin yaga masa riga a kasuwa. Ban yarda da wannan fahimta ba, kuma a mas'alarka ba ta ma kama hanya ba. Hadisin yana magana ne a kan mai jan ƙafa, wanda bashi ya tabbata a kansa, lokaci ya yi, yana da abin biya, aka nema ya ƙi. Mutuminka bai ƙi biya haka siddan ba, yana jayayya ne a kan kayan da kai da kanka ka shaida suna da aibi. Adadin da ke rubuce a littafinka ma bai tsaya ba, tunda ga shi lissafi ya mayar da 20,000 ta koma 8,000, in kuwa ya zaɓi mayarwa kai ne ma za ka fito da kuɗi. To wane bashi za ka nuna wa jama'a? In ka ɗaga littafin ka ce yana riƙe da dubu ashirin ɗinka, ka faɗi abin da ka san ba haka yake ba.

Ko da ma mai jan ƙafar ne na gaske, Bukhari ya kawo fassarar Sufyan cewa halatta mutuncinsa shi ne ka ce masa "ka ja mini rai", hukuntawa kuma tsarewa ce, wadda aikin alƙali ne. Iyakarta ke nan. Sannan ka tambayi zuciyarka, me ya sa kake son buɗe littafin? Bashin ba ya goge layin da ke jikin shaddar, ba ya kuma tabbatar da cewa ba ka sani ba. Amfaninsa ɗaya ne, ya ji kunya kamar yadda ka ji. Ayar Suratun Nisa'i ta 148 ta ba wanda aka zalunta damar bayyana zaluncin da aka yi masa, wato kalmar "macuci", ba ta buɗe masa ƙofar sauran asirin mutum ba. Ka tuna kuma, lokacin da wani mai bin bashi ya yi wa Annabi (SAW) magana mai kaushi Sahabbai suka zaburo masa, cewa ya yi su ƙyale shi, mai haƙƙi yana da magana.

In ya dawo, ka miƙe ka gaishe shi da sunan da ka saba kiransa, ka bar shi ya gama. Sannan, da muryar da na kusa za su ji ba tare da ka ɗaga ta ba, ka ce: "Alhaji, gaskiyarka, shaddar na da aibi, na duba bandir ɗin na gani. Allah ya sani ban san da shi ba ranar da na ba ka. Ka yi haƙuri da ɓata maka ɗinki. Zaɓi naka ne, ragi ko mayarwa, mu shiga ciki mu yi lissafi." Ka tsaya nan. Kada ka ce laifin tela ne, kada ka yi ta jera rantsuwa, kada ka bar yaran shago ko maƙwabta su taya ka, domin da zarar sun sa baki ya zama taron dangi, shi kuma ba zai iya sauka ba. In ya sake zagi, ka maimaita tayin sau ɗaya ka yi shiru. In abin ya ƙi, ga shugabannin kasuwa, ga kotun shari'a.

Abin da ya fi damuna ma ba ka tambaye shi ba, shi ne ragowar bandir ɗin. Jiya ba ka sani ba, yau ka sani. Duk yadin da ka sayar daga cikinsa ba tare da ka warware ka ɗora yatsa a kan layin ka nuna wa mai saye ba, ka shiga hukuncin farko na mai ɓoye aibi, kuma cewa "ka duba da kyau" ba ta wadatar. Waɗanda suka riga suka saya daga bandir ɗin, in kana da lambarsu ka kira su tun kafin su kai wa tela. Wallahu a'alam.