Dattijon da ya kasa jera kati amma ya ci gwajin launi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyon aiki a wani asibiti nan Maradi. Wani dattijo da ya yi shanyewar ɓarin jiki ya kasa gwajin katin Wisconsin, amma a gwajin Stroop bai yi tuntuɓe ba. Wanne zan yarda da shi?

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kafin komai, ki bincika ko dattijon yana karatun boko ba tare da haɗa baƙi ba, domin a nan amsar take.

Gwajin da John Ridley Stroop ya wallafa a 1935 ya dogara ne da cewa karatu ya zame wa mutum jiki. Idan aka rubuta kalmar "ja" da shuɗiyar tawada aka ce ya faɗi launin tawadar, bakinsa zai so ya ce "ja", sai ya danne wannan ya ce "shuɗi", kuma jinkirin dannewar ne muke aunawa. Wanda karatunsa na allo ne da ajami, ko wanda ya bar lakwal tun yana yaro, ba shi da abin da zai danne, launi kawai yake gani. Na taɓa rubuta wa wani manomi cewa ikonsa na dannewa lafiya lau yake, daga baya na gane ko sunansa ba ya iya karantawa, kuma har yau abin yana damuna. Shi ya sa nake fara ba da shafin kalmomi da baƙar tawada. Idan karanta su bai fi faɗar launi zalla sauri ba, sakamakon shafin da kalma da launin tawada suka saɓa ba hujja ba ne.

Katin kuwa ba ya buƙatar karatu. Kin san katuna huɗu na gaba: alwatika ja ɗaya, taurari tsanwa biyu, gicciye rawaya uku, da'ira shuɗiya huɗu. Aikinsa shi ne ya haɗa kowane katin da aka ba shi da ɗaya daga cikinsu. Katin da ke da da'ira ja guda biyu yana iya zuwa na farko saboda launi, na biyu saboda adadi, na huɗu saboda siffa, ke kuma "daidai" ko "ba daidai ba" kaɗai za ki ce. Bayan ya dace sau 10 a jere sai ki sauya ƙa'ida daga launi zuwa siffa ba tare da sanarwa ba.

Ki koma takardarki ki duba irin kuskurensa. Idan ya kama launi, sannan bayan sauyi ya ci gaba da ɗora ja kan ja alhali kina ta cewa ba daidai ba, wannan nacewa ce a kan tsohuwar ƙa'ida, kuma ita ce alamar wahalar sauya tunani. Idan tun farko ajiyarsa barkatai take, ki fara zargin rashin fahimtar umarni, ko gajiya, domin kati 128 suna da yawa ga marar lafiya, ko raunin gani da rarrabe ja da tsanwa. Ki sa ya nuna miki kowane launi da yatsa kafin ki sake gwada shi, da safe, bayan ya karya kumallo.